Abin da Fasta Ta Faɗa, da Abin da Ta Bar Wa Rubutun Ƙasa

Fastar da aka liƙa a bango ita kaɗai take magana. Wanda ya kawo ta ya shafa gam, ya danna ta a jikin katangar masallaci ko a ƙofar kasuwa, ya yi gaba abinsa, kuma duk abin da mai wucewa zai sani yana jikin takardar nan. Amma yau fastoci da yawa ba sa ma ganin bango. Gayyatar ɗaurin aure, sanarwar tafsiri, tallan atamfa da turaren wuta, sabon fim, ta'aziyya, duk a waya suke iso mu. A waya kuwa akwai wani fili a ƙarƙashin kowane hoto inda mai turawa zai ƙara rubutu. Da zarar ya rubuta wani abu a wurin, murya ta zama biyu: ga kalmomin da mai tsara fasta ya riga ya buga a jikin hoton, ga kuma naka da kake ƙarawa a ƙasa.

Hanya biyu ce mutane suka fi bi wajen cika wannan fili. Wani zai kwafe duk abin da ke jikin fastar ya sake zuba shi a ƙasa, kalma bayan kalma. Wani kuma zai rubuta "Masha Allah, kada ku bari a ba ku labari," ya jera 'yan hotunan wuta da tafi, ya tura. Na farko ya sa mai karatu ya karanta abu guda sau biyu. Na biyu ya bar shi da tambayoyin da ya zo da su. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada a maimaita abin da hoto ya faɗa, kuma ni a ganina rabin gaskiya ce. Akwai 'yan abubuwan da tilas a maimaita, harafi da harafi, akwai kuma sauran da bai kamata a taɓa maimaitawa ba. Gane iyakar da ke tsakaninsu shi ne duka aikin.

Dalilin yana cikin yadda hoto ke tafiya a waya. Mu da muke turawa muna ganin hoton da rubutunsa a haɗe, sai mu ɗauka haka za su isa wurin kowa. Ba haka ba ne. Mutane da yawa sun kashe saukar hoto kai tsaye a WhatsApp don tsimin data. Abin da irin wannan mutum yake gani shi ne hoto a dushe, da 'yar kibiya a tsakiya da girman fayil ɗin, amma rubutun ƙasa ya fito raɗau. Da rubutun nan zai yanke shawarar ko ya ƙona datarsa ya buɗe, ko ya wuce. Idan abin da ke ƙasa "Masha Allah" ne kawai, bai san ko aure ne, ko talla, ko cigiyar yaro ba. Haka wanda ke hawa Facebook na kyauta, irin wanda wasu kamfanonin waya ke bayarwa: rubutu yake gani, hotuna a rufe. Sai kuma mai larurar gani, wanda wayarsa ke karanta masa abin da ke kan fuskarta ta hanyar TalkBack ko VoiceOver. Rubutun da aka buga da yatsa manhajar za ta karanta shi tsaf. Kalmomin da ke jikin hoto kuwa, ko ta yi ƙoƙarin tsinto su, ba abin dogaro ba ne, balle idan Hausa ce da aka rubuta da haruffa masu lanƙwasa a kan hoton furanni.

To ga kishiyar hakan. Wata ta ga fastar, ta burge ta, ta adana hoton a wayarta, da yamma ta sa a Status ɗinta ko ta tura wa zauren 'yan ajinsu. Hoton ya tafi, rubutunka ya tsaya a inda ka bar shi. Har zuwa wajen ƙarshen 2022, ko tura hoto gaba ka yi a cikin WhatsApp ɗin kansa, rubutun ƙasan ba ya binsa. Yanzu yana bi, amma mai turawa na iya cire shi da taɓawa guda, kuma hoton da aka adana aka sake ɗorawa har gobe shi kaɗai yake fita.

Ke nan kowanne daga cikin biyun zai iya samun kansa shi kaɗai a gaban mai karatu. Shi ya sa ginshiƙan sanarwa, wato mene ne abin, yaushe, a ina, nawa ne, wa za a tuntuɓa, suke buƙatar zama a wurare biyun. Duk abin da ya wuce waɗannan kuwa sai a raba shi: abin da fasta ta ɗauka nata ne, abin da ta kasa ɗauka na rubutun ƙasa ne.

Wani masani Bafaranshe, Roland Barthes, ya yi nazarin wannan alaƙa tun 1964, a wata maƙala da ya warware tallan taliyar kamfanin Panzani, hoton jakar raga cike da ƙunshin taliya da tumatir da albasa. Ya ce rubutun da ke tare da hoto aiki biyu yake yi. Wani lokaci yakan ɗaure hoton a turke, don kada ma'anarsa ta yi ta yawo: hoton taron jama'a na iya zama biki, na iya zama jana'iza, sai rubutu ya ce ga abin da kake kallo. Wani lokaci kuma yakan karɓi zancen daga inda hoto ya tsaya ya ci gaba da shi, kamar yadda maganganun 'yan wasa ke yi a fim ko a labarin zane. Abin da ya bambanta fasta da hoton jarida shi ne ta riga ta zo da turkenta. Babban rubutun da ke jikinta ya gama gaya maka abin da kake kallo. Idan rubutun ƙasa ya sake yin wannan aikin, an yi aiki ɗaya sau biyu, an bar ɗayan ba mai yi. Rabonsa shi ne ci gaba da zance.

Mu ɗauki fasta guda mu bi ta

A ƙaddara wata tela ce za ta buɗe ajin koyar da ɗinki, ta biya an tsara mata fasta. A sama, da manyan haruffa farare: KI KOYI ƊINKI CIKIN WATA UKU. A tsakiya hoton wata mata a kan keke, ta sunkuyar da kai tana tura yadi. A gefe cikin jan da'ira: Rajista ₦5,000. Ƙarƙashin hoton: Za a fara Asabar, 6 ga Yuni. Can ƙasa, da ƙananan haruffa, adireshin wurin da lambar waya.

Matakin farko ba rubutu ba ne, kallo ne, kuma a waya, ba a babbar kwamfutar mai zane ba. Takardar A3, wadda aka saba buga fasta a kanta, faɗinta santimita 29.7 ne, tsawonta 42. Faɗin fuskar waya bai wuce kamar santimita 7 ba. Wato komai zai ƙanƙance ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na girmansa. Babban rubutun da tsayinsa ya kai santimita 4 a takarda zai koma kusan santimita guda, ana karanta shi daga nesa. Adireshin da aka rubuta da haruffa masu tsayin milimita 5 kuwa zai koma milimita ɗaya da ɗoriya, sai an buɗa hoton da yatsu biyu, ga shi kuma manhajojin nan suna matse hoto kafin su aika, ƙananan haruffa su ne farkon caɓewa. Don haka a fastar telarmu, abin da ido zai ɗauka a kallon farko abu uku ne: ɗinki cikin wata uku, ₦5,000, da matar nan a kan keke. Ranar farawa na iya shiga. Adireshi da lamba suna nan, amma a aikace kamar babu su.

Mataki na biyu shi ne a tambayi kai: wadda ta ga waɗannan abubuwa uku, me za ta tambaya? Duk wadda ta taɓa ɗora irin wannan talla ta san tambayoyin, domin su ne ke cika mata waya har dare. Wata ukun nan kullum ne ko ƙarshen mako? Dubu biyar ɗin kuɗin komai da komai ne, ko na fom kawai? Sai na zo da kekena? Mata zalla ne, ko akwai maza a wurin? Ƙarfe nawa ake tashi? Zan iya zuwa da goyo? Ga matar aure waɗannan ba ƙananan tambayoyi ba ne. Da amsarsu za ta je ta nemi izinin maigida, kuma idan ba ta da amsar, sau da yawa maganar ma ba za ta taso ba. Fasta ba za ta iya ɗaukar duk wannan ba tare da ta cunkushe ba. Su ne kayan rubutun ƙasa.

Ga yadda zai iya kasancewa:

"Ba sai kina da keke ba: akwai na koyo a aji. Ajin ɗinki na mata zalla, za a fara Asabar, 6 ga Yuni. Karatu Asabar da Lahadi ne, ƙarfe 10:00 na safe zuwa 1:00 na rana, tsawon wata uku. Rajista ₦5,000 ce, sau ɗaya ake biya. Kuɗin wata ₦8,000, har da zare da yadin gwaji. Ana zuwa da goyo."

Sai adireshin ya biyo baya a cike, da kwatance, sannan lambar waya.

A duba jimlar farko. Hoton ya nuna mace a kan keke, kuma abin da zai fara faɗo wa wadda ba ta da shi a rai shi ne wannan ba nata ba ne. Rubutun ya tare wannan tunani tun daga bakin ƙofa. Bai sake cewa "ki koyi ɗinki cikin wata uku" ba, domin fasta ta faɗa da murya mafi ƙarfi. Amma kuma wadda hoton bai buɗe mata ba, kafin ta gama jimla ta biyu ta san ajin ɗinki ne, na mata ne, ga ranar farawa. Jimlolin nan biyu harafi ɗari ne ba kaɗan, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, kuma da gangan aka tsare su a haka. Instagram na karɓar rubutu har harafi 2,200, amma kusan 125 na farko kawai yake nunawa kafin ya yanke, sai wanda ya latsa ya ga saura. Facebook ma yana yankewa bayan 'yan layuka. Wanda ya buɗe da doguwar sallama da godiya da kirarin kamfani, to a nan aka yanke shi, ainihin saƙon ya shige bayan labule. Ba ina cewa a bar sallama ba. A yi ta a taƙaice, a shiga magana.

Yanzu ga wurin da nake so a tsaya sosai, maganar kuɗi. Jan da'irar nan ta ce ₦5,000. Ainihin abin da ɗaliba za ta kashe shi ne dubu biyar da dubu takwas sau uku, ₦29,000 ke nan. Rubutun ƙasa ya faɗi gaskiya, madalla. Amma mun riga mun ga hoton zai yi yawo shi kaɗai. Wadda ta gan shi a Status ɗin maƙwabciyarta za ta ɗaura dubu biyar a bakin zane, ta biya kuɗin Keke Napep, ta iso ranar Asabar, a ce mata akwai kuɗin wata. Ba za ta ce ba ta ga rubutun ƙasa ba, cewa za ta yi an yaudare ta, kuma da gaskiyarta. A nan rubutun ƙasa ya kai iyakarsa. Yana iya cika abin da fasta ta bari, amma ba ya iya wanke fastar da ita kaɗai take kai mutum ga kuskure. Abin yi shi ne a koma wa mai zane ya ƙara kalma huɗu a cikin da'irar: ban da kuɗin wata. Sau da yawa zaman rubuta bayanin ƙasa shi ke tona aibin fastar, shi ya sa ya fi kyau a rubuta shi kafin a sallami mai zane, ba bayan an biya shi ya rufe aikin ba.

Kalma guda, murya guda

Abubuwan da aka maimaita, a maimaita su da kalmar da fasta ta yi amfani da ita. A makaranta an koya mana sauya kalma don kada rubutu ya gundiri mai karatu, kuma a insha'i hakan daidai ne. A sanarwa kuwa haɗari ne. Fasta ta ce "rajista", rubutun ƙasa ya ce "kuɗin fom", sai da aka kira waya aka ce "kuɗin shiga". A wurin mai sanarwa abu ɗaya ne. A wurin mai karatu kuɗi uku ne. Haka adadi: idan hoto ya rubuta ₦5,000, kada ƙasa ta koma "dubu 5" a wani layi, "5,000" ba alamar naira a wani. Ido yana son ya ɗora wannan a kan wancan ya ga sun yi daidai, kuma wannan daidaituwar ce ke sa a yarda da sanarwa.

Sunayen mutane sun fi komai tsanani. Idan fastar tafsiri ta rubuta sunan malami da Muhammad, kada rubutun ƙasa ya mai da shi Mohammed. Idan ta jera manyan baƙi da wani tsari, uban taro a gaba, sannan shugaban taro, sannan babban baƙo mai jawabi, to a bi tsarin, a kuma bar wa kowa laƙabinsa yadda yake. Sauya jeri a ƙasa ana karanta shi a matsayin magana, ko da mai rubutun bai nufi komai ba.

Sai wanda ake yi wa magana. Fastar telar ta ce "ki koyi". Ta zaɓi mace guda tana yi mata magana kai tsaye, kamar 'yar'uwa. Idan rubutun ƙasa ya koma "ana sanar da ɗaukacin al'umma", ya zama kamar wani ne daban ya karɓe lasifikar. Fastar da ta ce "ku" cikin girmamawa, ita ma ƙasanta ya tsaya a "ku". Wannan ya shafi yanayi ma. Fastar ta'aziyya, da hoton mamaci da addu'a a jikinta, abin da take buƙata a ƙasa shi ne lokacin jana'iza da inda ake zaman makoki, da kalmomi kaɗan. Na sha ganin an sa 'yar fuskar nan mai dariya har da hawaye a ƙarƙashin irin wannan sanarwa, don mai sawa ya ɗauka kuka take yi. Abin yana yi wa iyalan mamaci ciwo, kuma barin 'yan hotunan gaba ɗaya a irin wannan wuri ya fi aminci.

Akwai wuri guda da nake ba rubutun ƙasa damar saɓa wa fasta, shi ne haruffanmu masu ƙugiya. Yawancin ƙawatattun haruffan da masu zane ke so ba su da ɓ, ɗ da ƙ, shi ya sa ake ganin DINKI a maimakon ƊINKI, ana kuma ganin MANYAN BAKI a katin biki. Allon rubutun Hausa na waya yana da su. A rubuta daidai a ƙasa. Ba saɓani ba ne, gyara ne da mai karatu zai gane nan take.

Rana da lokaci, inda aka fi tuntuɓe

A lissafinmu dare ne ke gaba da yini. Bahaushe idan ya ce "daren Juma'a", daren Alhamis wayewar Juma'a yake nufi. Amma mai zanen da ya saba da kalandar boko, ko matashin da ya ga fastar, na iya ɗauka Juma'a da dare ce. Fastar da ta ce "daren Juma'a" kawai ta raba jama'arta gida biyu. Rubutun ƙasa ne zai warware: "Alhamis da dare, bayan sallar Isha'i, wato daren Juma'a." Haka idan fasta ta ce "bayan La'asar", ƙasa ta ƙara ƙarfe kaza. Idan ta ce 4:00, ƙasa ta ce ko za a yi sallar a wurin ne ko sai an idar za a taru. Kowanne ya ba da lissafin da ɗayan bai bayar ba.

Kwanan watan Musulunci kuma da nasa sha'anin. Ana tsara fastar tafsirin Ramadan tun cikin Sha'aban, a rubuta 1 ga Ramadan daidai da rana kaza ga watan boko, alhali ba a ga wata ba tukuna. A Najeriya sai Sarkin Musulmi ya yi sanarwa ake tabbatarwa, kuma hasashen na iya gocewa da kwana guda. Ba laifin mai zane ba ne. Kafin ganin wata, rubutun ƙasa ya ce za a fara ranar da aka ɗauki azumi. Bayan sanarwa a gyara shi ya faɗi ranar.

Idan kuma taron za a watsa shi kai tsaye ta intanet, "ƙarfe 4:00" ba ta isa ba. Kano da Zinder da Yawunde da Injamena agogonsu ɗaya. Amma a daidai lokacin ƙarfe 3:00 ne a zangon Kumasi, 5:00 a Khartum, 6:00 a Makka. Fasta ta ɗauki lokaci guda, ƙasa ta ce agogon Najeriya da Nijar ne, ta jera sauran.

Kalmomin "yau" da "gobe" su ma ina jin tsoronsu. A Status, wanda ke ɓacewa bayan awa 24, suna da amfani, suna ba tsohuwar fasta sabon rai: "Gobe ne, in Allah ya kai mu." Amma a Facebook ko a zauren WhatsApp, inda saƙo ke kwana ya tashi, "gobe" ta ranar Juma'a tana nan tana cewa gobe har ranar Talata. A haɗa ta da sunan rana da kwanan wata.

Wani abin da rubutun ƙasa ya fi hoto shi ne ana iya gyara shi. A Facebook da Instagram za ka koma ka sauya rubutu bayan ka ɗora, amma Instagram ba zai bar ka ka musanya hoton ba. A WhatsApp minti 15 gare ka na gyaran saƙo, Status kuwa sai dai ka goge ka sake. To idan wurin taro ya sauya bayan fasta ta fita fa? Abin da wasu ke yi shi ne su rubuta sabon wurin a ƙasa shiru, su bar tsohon a hoto. Mai karatu ya ga wuri biyu, kuma hoton zai gaskata, domin shi ya fi kama da abin da aka tabbatar. Layin farko ya kamata ya kira saɓanin da sunansa: "GYARA: ba a wurin da ke jikin fasta za a yi ba, an koma wuri kaza." Wannan ma na wucin gadi ne. Tsohon hoton yana can yana yawo shi kaɗai, don haka a fitar da sabuwar fasta mai alamar da za a gane ta da kallo guda, ko da sauya launin bayanta ne.

Lambobi kuwa ko da sun fito ɓaro-ɓaro a hoto, a sake buga su a ƙasa. Lambar waya a Najeriya alƙaluma 11 ce, ta asusun banki 10. Mai kwafe su daga hoto yana kallo, ya fita, ya buga huɗu, ya dawo, kuma a nan 6 ke zama 8. A rubutun ƙasa latsawa kawai zai yi ko ya kwafe. Ga mai son a yi masa magana ta WhatsApp akwai gajeren adireshi: a cire sifilin farko na lambar, a sa 234 a madadinsa, ba tazara, ba alamar tarawa.

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX
```

Sai dai a sani, adireshin da aka sa a rubutun ƙasa na Instagram ba ya latsuwa, don haka a can sai a ce yana saman shafi. A fastar neman taimakon marar lafiya ko ginin masallaci, maimaita lambar asusu da sunan mai asusun yana da wani amfani na daban. Goge lamba a jikin hoto a sa wata aikin minti kaɗan ne ga macuci. Idan asalin sanarwar na ɗauke da lambar a rubuce a shafin masu ita, mai niyyar taimako yana da inda zai je ya gwada.

Akwai lokacin da kwafe fasta gaba ɗaya shi ne daidai. Na farko idan harshe ya bambanta. Fastocin rigakafi, da na rajistar zaɓe, da na ɗaukar aiki, da yawa da Turanci suke zuwa, a Nijar kuma da Faransanci. Ga wanda Hausa kawai yake karantawa, fastar ba ta ce masa komai ba tukuna, don haka rubutun ƙasa ya faɗi duka da Hausa, sannan ya ƙara nasa. Haka fastar da aka yi da ajami ko Larabci, a ba ta boko a ƙasa. Na biyu shi ne filin da ake kira `Alt text`, wanda Instagram ya ƙara a 2018, Facebook da X ma suna da shi. Galibi mai gani ba ya ganin abin da aka rubuta a wurin, manhajar makafi ce ke karanta shi. Ƙa'idojin duniya na sauƙaƙa intanet ga masu larura sun ce idan hoto na ɗauke da rubutu, a sa kalmomin nan a wannan fili. Can ne gidan kwafe kalma bayan kalma. Idan an cika shi, rubutun ƙasa ya sami sarari ya yi nasa aikin.

Wani ƙaramin abu da ke ɓata aiki mai kyau: a Status, idan hoton dogo ne ya cika fuskar waya, rubutun da ka ƙara a kan gindin hoton yake zama, daidai inda masu zane ke son ajiye adireshi da lambar waya. Sai dogon bayaninka ya rufe abin da ya zo taimakawa. Ko dai a gaya wa mai zane ya bar sama da ƙasa fili, kamar kashi 14 cikin 100 na tsawon hoton a kowane ɓangare, ko kuma a taƙaita rubutun zuwa layi ɗaya, a biyo da cikakken bayani a Status na gaba.

Kafin a saki sanarwa ga jama'a, gwaji mafi sauƙi shi ne a nemi mutum biyu da ba su san da maganar ba. A tura wa ɗaya hoton kawai, a tura wa ɗayan rubutun kawai. A tambayi kowannensu: mene ne za a yi, yaushe, a ina, nawa za ka riƙo? Idan mai hoton ya ce dubu biyar, mai rubutun ya ce dubu goma sha uku a watan farko, fastar ce za a mayar wa mai zane. Idan mai rubutun ya kasa faɗin wurin, a ƙara adireshi a ƙasa. Idan kuwa aka haɗa musu biyun, wanda ya fara ganin hoton ya karanta rubutun ya ce bai ƙaru da komai ba, sai a koma kan jerin tambayoyin nan na farko, a ɗauko wadda aka fi yi, a buɗe rubutun da amsarta.